An ba ni 3 cikin 10 a tambayar bacuwal memori: yaya zan nemi lakcara ya sake dubawa?

"Assalamu alaikum Malam. Ina aji uku a sashen kimiyyar kwamfuta. An dawo mana da takardun gwajin kwas ɗin ofaretin sistem, sai na ga 3 cikin 10 a tambayar bacuwal memori. A kashin (a) an ce girman feji 1 KB ne, feji na 2 yana firam na 5, a nemo inda adireshi 0x0A2C ya faɗa a RAM. Na rubuta 5676, aka ba ni 1 cikin 5. A kashin (b) an ce duba TLB nanosakan 20 ne, shiga memori nanosakan 100, ana dacewa a TLB kashi 90 cikin 100, a nemo matsakaicin lokacin shiga memori. Na rubuta 110, aka ba ni 2 cikin 5. Ni dai ina ganin an danne ni a duka biyun. Yaya zan rubuta wa lakcaran imel ba tare da ya ɗauka raini ne ba?"

Wa'alaikumus salam. Kana da gaskiya a ɗaya, ba ka da ita a ɗayan, kuma imel ɗinka zai yi nasara ne idan ka ɗauki ɗayan kawai ka bar ɗayan inda yake. Ladabi yana da muhimmanci, za mu zo kansa, amma ba shi ne ke sa malami ya canza maki ba. Abin da ke sa shi ya ɗauki jan biro shi ne ka sa masa hujja a gabansa wadda zai iya tabbatarwa cikin minti biyu, ba tare da ya tashi daga kujera ba. Don haka mu fara zama mu sake yin lissafin, kamar yadda zan yi da kai idan ka zo ofishina da takardar.

A bacuwal memori ana yanka memorin da furogiram yake gani gunduwa-gunduwa masu girma ɗaya, kowace gunduwa ita ce feji, gurbin da take zama a RAM kuma shi ne firam. Kowane adireshi da furogiram yake amfani da shi kashi biyu ne a haɗe: lambar feji, da kuma nisan da ke tsakanin farkon fejin da bayit ɗin da ake nema, wanda muke kira ofset. Teburin feji lambar feji kawai yake canzawa zuwa lambar firam. Ofset ba a taɓa shi, yadda ya shiga haka yake fita. Kamar a ɗauke buhu daga wannan lungun sito a kai shi wancan lungun ne: wurin buhun ya canza, amma abin da ke tsakiyar buhun yana nan a tsakiya.

Fejinka 1 KB ne, wato bayit 1024, wato 2 × 2 × 2 har guda goma. Ke nan bit 10 na ƙarshen adireshin su ne ofset, abin da ya rage a sama shi ne lambar feji. Ka rubuta 0x0A2C a bainari ka yanka a nan:

```
0x0A2C = 0000 1010 0010 1100
       = 000010 | 1000101100
feji   = 2
ofset  = 512 + 32 + 8 + 4 = 556
```

Feji na 2 yana firam na 5, kuma firam na 5 yana farawa ne daga 5 sau 1024, wato 5120. Ka ɗora 556 a kai, ka sami 5676. Amsarka ke nan, kuma daidai ce. Yanzu ka mayar da ita heksa, tsarin ƙirga mai tushen 16 da aka rubuta 0x0A2C da shi. Firam na 5 a bit shida shi ne 000101, ka manna masa ofset ɗin nan yadda yake, ka sake raba su huɗu-huɗu:

```
000101 | 1000101100
= 0001 0110 0010 1100
= 0x162C
```

Zan iya cewa kusan tabbas 0x162C ne ke rubuce a takardar amsoshin da ake bi wajen ba da maki, domin wanda ya ba da adireshi a heksa a heksa yake rubuta amsarsa. Ka hango yadda ake makin ajin da ya cika maƙil. Takardu tuli a kan tebur, wani lokaci ma an raba su da ƙananan malamai masu taimakawa, kowa yana da kwafin amsoshin a gefensa. Ido ya riga ya saba da ganin 162C, takarda bayan takarda. Sai ga 5676. Bai yi kama ba ko kaɗan, kuma amsoshin da ba su yi kama ba galibinsu kuskure ne, sai a ja layi a wuce. Ina tsammanin makin nan ɗaya da aka ba ka na gano cewa feji na 2 ne. Babu mugunta a ciki, kuma ka cire kalmar "danniya" daga ranka tun kafin ka buɗe imel, domin idan tana ranka sai ta ɓullo a rubutunka ko da ba ka rubuta ta ba.

Idan kana son ka ƙara samun natsuwa, layi biyu a Python sun isa:

```
>>> divmod(0x0A2C, 1024)
(2, 556)
>>> hex(5 * 1024 + 556)
'0x162c'
```

Sai dai kafin ka yi murna, koma kan takardar tambayoyin ka karanta ta kalma-kalma, domin akwai abin da zai iya rushe wannan hujjar ko ya rage mata ƙarfi. Duba ko an ce a ba da amsa a heksa. Idan an ce haka, ka saɓa wa umarni, kuma malamin yana da ikon ya riƙe makin amsar ƙarshe. Ko a hakan ma kana da abin nema, domin rabon adireshin, da ofset, da ninka firam duk daidai ne, amma sai ka nemi makin matakan aiki, ba biyar cif ba. Duba kuma teburin da aka zana a tambayar. Wasu malamai suna sa ginshiƙi na uku mai nuna ko fejin yana cikin memori ko ba ya ciki, da `v` da `i`, ko da 1 da 0. Idan an sa wa feji na 2 alamar ba ya ciki, to lambar firam ɗin da ke gefensa tarko ce, amsar da ake so ita ce za a sami fej folt, wato sai ofaretin sistem ya je faifai ya ɗauko fejin tukuna. A wannan halin 5676 ba daidai ba ce, 0x162C ma ba daidai ba ce, kuma babu imel da za ka rubuta. Sannan ka tabbata layin da ka karanta na feji na 2 ne da gaske. Daga sifili ake fara ƙirga feji, don haka feji na 2 shi ne layi na uku a teburin. Ɗalibai da yawa a nan suke zamewa idan ba a rubuta lambobin a gefe ba.

Akwai kuma abin da ka rubuta kai da kanka a takardar amsa. Idan matakan suna nan, ko da a gurguje ne, hujjarka ta yi ƙarfi sosai. Idan kuwa lambar kawai ka ajiye babu aiki, to ka san cewa malamai da yawa suna raba maki biyar ɗin nan ne a kan matakai: ɗaya na gano yawan bit ɗin ofset, ɗaya na lambar feji, ɗaya na ofset, sauran na amsar ƙarshe. Wanda bai nuna aiki ba makin ƙarshen kawai zai iya nema.

To, kashin (b). A nan ba ka da gaskiya, kuma amsarka da kanta tana nuna inda ka kauce. Kowace shiga memori sai an fara tambayar TLB, ƙaramar ma'ajiyar nan mai sauri da ke riƙe da wasu layukan teburin feji, ko za a dace ko ba za a dace ba, domin ba a san ba ya ciki sai an duba. Idan an dace, an kashe nanosakan 20 a TLB, sannan 100 wajen ɗauko abin da ake nema, jimla 120. Idan ba a dace ba, nanosakan 20 ɗin nan sun riga sun tafi, sai a shiga memori a karanta teburin feji, 100, sai a sake shiga a ɗauko abin da ake nema, wani 100, jimla 220.

```
0.9 × (20 + 100) + 0.1 × (20 + 100 + 100)
= 108 + 22
= 130
```

Kai kuma 0.9 sau 100 ka yi, ka tara da 0.1 sau 200, ka sami 110. Tazarar da ke tsakanin amsarka da ta gaskiya 20 ce cif, kuma duk malamin da ya koyar da wannan darasi zai gane a kallo ɗaya cewa lokacin TLB ka watsar. Na san daga inda wannan ya fito. Akwai littattafai da takardun lakca da suke yin misalin da babu lokacin TLB a ciki, suna ɗaukar cewa ƙanƙani ne har ba ya shiga lissafi, kuma wanda ya haddace wannan tsarin zai zuba lambobi a ciki ya wuce. Amma wancan misalin ba ya ba ka lambar TLB tun farko. Naka ya ba ka 20. Lambar da aka ba ka a tambaya kuma ba ka yi amfani da ita ba, kai ne za ka faɗi dalilin barin ta, kuma a cikin takardar amsa ake faɗa, ba bayan an yi maki ba. Da ka rubuta a lokacin cewa ka ɗauka ba a ƙirga lokacin TLB saboda kaza, da akwai abin tattaunawa. Tun da ba ka rubuta ba, maki biyun da aka ba ka na sanin cewa rashin dacewa yana jawo shiga memori sau biyu ne da kuma auna su da kashi 90 da 10. Adalci ne. Ni ma abin da zan bayar ke nan, wani malamin ma ɗaya zai ba ka.

Shi ya sa na ce ka bar (b). Idan ka haɗa su biyun a imel ɗaya, malamin zai duba ya ga ɗaya ba ta da tushe, sai ya karanta ɗayar da idon wanda ake so a yi wa wayo. Ban da haka, wanda ya ce a sake duba masa tambaya ya buɗe ta gaba ɗaya. Sake dubawa ba ƙari kawai yake kawowa ba, yana iya ragewa, kuma babu wanda zai ce malamin ya yi ba daidai ba idan ya mayar da biyun nan ɗaya.

Wannan dabarar ta duba tazarar da ke tsakanin amsarka da amsar da aka karɓa tana aiki a kusan duk tambayoyin wannan babin, kuma tana raba gardama tun kafin a je gaban malami. A tambayarka ta (a), wanda ya sami 5604 ya ɗauki 1 KB a matsayin 1000 ne. Wanda ya ce feji na 0 da ofset 0xA2C ya yanke haruffan heksa uku na ƙarshe, dabarar da take aiki idan feji 4 KB ne kawai, domin a nan ne ofset yake bit 12, haruffa uku daidai. Galibin kwamfutocin da muke amfani da su fejinsu 4 KB ne, umarnin `getconf PAGESIZE` a Linux zai nuna maka 4096 a yawancinsu, don haka hannu ya saba, kuma malamai suna sa 1 KB da gangan don su kama wanda ya haddace yankan bai gane dalilinsa ba. A tambayar ƙirga fej folt kuma, a ce jerin 1 2 3 4 1 2 5 1 2 3 4 5 da firam uku a tsarin FIFO, wato fejin da ya fara shiga shi ke fara fita, amsar 9 ce. Wanda ya sami 6 bai ƙirga ukun farko ba, lokacin da firam ɗin suke wayam. Tazarar ta yi daidai da yawan firam. Duk waɗannan kuskuren ɗalibi ne. Naka na (a) ya bambanta da su domin babu tazara ko ɗaya: lamba ɗaya ce aka rubuta ta hanya biyu.

Abu na ƙarshe kafin rubutu: tara makin da ke gefen kowace tambaya ka gwada da jimlar da ke bangon takardar, ka kuma duba ko akwai shafin da jan biro bai taɓa ba. Kuskuren tarawa ya fi kowane sauƙin gyara, ba ya buƙatar hujja. Sannan ka ɗauki hoton shafin yanzu, kuma kada ka ƙara ko ɗigo a takardar. Kada ka rubuta 0x162C a gefe da fensir wai don ka taimaka wa malamin. Duk rubutun da ya bayyana a takarda bayan an yi maki yana iya zama zargin maguɗin jarrabawa, kuma wannan masifa ce da ta fi maki huɗu nesa ba kusa ba. Lissafinka na bayani a wata takarda daban za ka yi shi.

Ga imel ɗin kamar yadda zan so in karɓe shi. Na rubuta shi da Hausa, amma harkar jami'a da Turanci take tafiya a Najeriya, don haka ka rubuta shi da harshen da malamin yake rubuto muku saƙo. Tsarin ɗaya ne.

A layin take ka sa: lambar kwas, "Gwaji na ɗaya, tambaya ta 3(a), neman sake dubawa", sai lambar rijistarka.

"Assalamu alaikum Dakta, barka da aiki.

Ni ne wane, ɗan aji uku, lambar rijista kaza, ina cikin kwas ɗinku na ofaretin sistem. Na karɓi takardar gwajina ranar Talata, na gode.

Ina neman alfarmar a sake duba mini tambaya ta 3(a), inda aka ba ni 1 cikin 5. Na ba da amsar a desimal, 5676. Da na sake aikin sai na ga ita ce 0x162C a heksa: feji na 2, ofset 556, firam na 5, wato 5 × 1024 + 556. Ban ga inda tambayar ta ƙayyade a ba da amsa a heksa ba, shi ya sa nake tunanin ko bambancin rubutun ne ya sa ba a karɓa ba.

A 3(b) na gane kuskurena, na bar lokacin TLB, ba na neman komai a kansa.

Na haɗo hoton shafin amsar da na tambayar. Asalin takardar tana hannuna, ban taɓa ta ba, zan kawo ta ofis a duk lokacin da kuka ce. Idan kuma akwai abin da ban fahimta ba a tambayar, zan ji daɗi a nuna mini kafin jarrabawa.

Na gode, Allah ya ƙara girma."

Sai sunanka cikakke da lambar rijista a ƙasa.

Ka lura lambar tambayar "3" misali na sa, ka sa taka. Ka kuma lura da gajartarsa. Malami yana karanta imel ne a waya, tsakanin lakca da taron sashe, kuma saƙon da ya wuce allo ɗaya da rabi ajiye shi yake yi "sai anjima", anjimar da ba ta zuwa. Layin da ke ɗauke da 5 × 1024 + 556 shi ne imel ɗin gaba ɗaya, sauran duk rakiya ce. Wanda ya koyar da kwas ɗin zai iya yin wannan lissafin da ka, yana tsaye a baranda.

Jimlar nan ta (b) za ka iya tunanin ta saɓa da shawarar da na ba ka ta a bar shi. Ba ta saɓa ba. Ba ka nemi a duba ba, ka rufe ƙofar ne da hannunka, kuma ka nuna wa malamin cewa ka zauna ka yi aikin, ba ƙorafin wanda maki bai yi wa daɗi ba ne. Ɗalibin da ya iya cewa "nan na yi kuskure" an fi saurin yarda da shi idan ya ce "nan ban yi ba". Idan kana tsoron jawo ido kan maki biyun, kana iya cire layin, imel ɗin zai tsaya da ƙafarsa. Ni dai zan bar shi.

A kan ladabi, ka kira shi da muƙaminsa na gaskiya. Idan Dakta ne ka ce Dakta, idan Farfesa ne ka ce Farfesa, idan mace ce ka ce Dakta ko Malama, kuma ka duba yadda ake rubuta sunan a allon ofis. Idan ba Musulmi ba ne, barka da safiya ta wadatar. Gaisuwa layi ɗaya ta isa, ba sai ka tambayi iyali da gajiya da sanyi ba kamar ka je gaisuwar surukai. Sirrin yana cikin yadda ka gina jimlar da ke ɗauke da ƙorafin. "Kun yi kuskure a makina" da "ko bambancin rubutun ne ya sa ba a karɓa ba" abu ɗaya suke nufi, amma ta biyun ta bar wa malamin hanyar gyarawa ba tare da ya amsa laifi a gaban ɗalibinsa ba, kuma ta fi kusa da gaskiya, domin mai yiwuwa ba ma shi ya yi makin takardarka ba. A ɗaya ɓangaren kuma kada ladabin ya zama roƙo. "Don Allah a taimaka mini, ni maraya ne, wannan makin zai sa in maimaita kwas" yana sa malami ya ji ana neman ya ba da abin da ba a ci ba, kuma malamin kirki a nan yake rufe saƙo. Kai ba kyauta kake nema ba.

Kada ka ambaci sunan abokinka ka ce shi an ba shi cikakken maki. Abin da zai biyo baya shi ne a ce ya kawo tasa takardar, kuma idan aka sami abin ragewa a ciki ka ja masa asara, ka rasa aboki. Hujjarka ba ta buƙatar takardar kowa. Kada kuma ka sa shugaban sashe ko jami'in jarrabawa a kwafin saƙon farko. A wurinka ƙila tsari ne, a wurin malamin ƙara ce ka kai kafin ka yi masa magana. Ka tura daga imel mai ɗauke da sunanka na gaskiya, na makaranta idan kana da shi, da rana a ranar aiki. Hoton kuma ya fito sosai, da jan rubutun mai maki a ciki, shafi a miƙe, ba wanda sai an juya waya ba.

Lokaci yana da nasa hukuncin. Makin gwaji yana hannun malami ne har zuwa ranar da zai haɗa shi da na jarrabawa ya miƙa wa sashe. Kafin wannan rana, gyara lamba ɗaya ce a takardarsa. Bayan sakamako ya wuce sashe da tsangaya, majalisar jami'a ta amince da shi, malamin ba shi da ikon canza komai shi kaɗai ko da ya yarda kana da gaskiya, sai an bi takardu. Don haka ka tura a makon nan. Kuma ka sani duk abin da na faɗa a kan gwajin da aka dawo maka da takardarsa ne. Da jarrabawar ƙarshen zango ce, imel zuwa ga malami ba shi ne hanya ba. Wannan takardar neman sake maki ake rubutawa ta hannun shugaban sashe, a wurare da yawa da kuɗin da ake biya da wa'adin da ba a wucewa, kuma ƙa'idar jami'arku tana cikin littafin jagorar ɗalibai.

Ko maki huɗu sun kai a yi wannan wahalar? Ka duba yadda ake lissafin gwajin. Idan makin gwajin kai tsaye yake shiga cikin ɗari, huɗu suna iya ɗaga ka daga 58 zuwa 62, daga C zuwa B a tsarin da B ke farawa daga 60. Idan kuwa gwajin a kan 60 aka yi shi sannan a rage shi zuwa 15, huɗun nan maki ɗaya ne a ƙarshe. Ko a hakan zan ce ka tura, domin amsar malamin za ta gaya maka yadda yake son a rubuta adireshi a jarrabawa, inda irin wannan tambayar za ta iya dawowa da maki mai yawa.

Idan mako ya wuce shiru, kada ka sake tura sabon saƙo da sabon take. Ka amsa a kan na farkon da layi biyu, cewa kana tunatarwa ne, ko kuma, wanda ya fi, ka je ofis a lokacin da ya ware wa ɗalibai da takardar a hannu da lissafinka a wata takarda daban. Kada ka tare shi a bakin aji mutane suna kallo. Idan ya duba ya ce ya faɗa a lakca cewa duk adireshi a heksa ake ba da shi, to wannan dalili ne, ko da ba a rubuta a takardar tambaya ba. Sai ka tambaye shi ko za a iya ba ka makin matakan da suke daidai, ka karɓi abin da ya ce. Idan kuma ya ƙi dubawa sam, ko ya ce 5676 ba ita ce 0x162C ba, mataki na gaba shi ne malamin da ke kula da ajinku ko jami'in jarrabawa na sashe, kuma imel ɗin da ka riga ka tura, da kwanan watansa da hoton da ke ciki, shi ne abin da za ka nuna musu.

A jarrabawa mai zuwa kuma, idan an ba ka adireshi a heksa, ka ba da amsa a heksa, ka rubuta desimal ɗin a gefenta idan da shi ka yi aikin. Idan za ka bar wata lamba da aka ba ka ko ka ɗauki wani abu da tambayar ba ta faɗa ba, kamar cewa teburin feji mataki ɗaya ne ko firam ɗin sun fara wayam, ka rubuta shi a layi ɗaya a saman aikinka kafin ka fara lissafi.